Daga littafin aljihu zuwa shafi ɗaya: yadda ake jera aukuwar al'amura kafin a shiga gaban alƙali

Wanda aka daɗe ana cuta yakan riƙe littafi. Wani a tsohon littafin makarantar 'ya'yansa yake rubutawa, wani a bayan rasit, wani a cikin waya. Ranar zaman sauraron ƙara sai ya zo da shafi talatin, ya fara daga farkon duniya, kafin ya iso inda aka hana shi kuɗinsa an riga an ce ya taƙaita. Alƙali, ko jami'in sulhu na ofishin ƙwadago, ko lauyan da zai tsaya masa, abu uku suke nema daga gare shi: me ya faru, yaushe, kuma da me za a tabbatar. Shafi ɗaya ya ishi waɗannan ukun in an san yadda ake tace littafin.

A ɗauki misalin wani direban kamfanin ruwan leda a Kano, albashinsa naira 60,000 a wata, wanda aka sallama a shekarar 2024 yana bin bashin albashi. Ga irin abin da ake tararwa a littafinsa: "Cikin azumi sun ba ni rabin kuɗina." "Kwana uku bayan Sallah na je wurin kashiya, ya wulaƙanta ni." "Sun cire min kuɗin taya, alhali ba ni na fasa ba." "Daren Juma'a kafin Babbar Sallah manaja ya ba ni dubu sha biyar." "Wani direba ya ce min manaja ya rantse sai ya kore ni." "Ranar da muka dawo bayan zanga-zanga mai gadi ya hana ni shiga." Duk gaskiya ce a wurinsa, amma babu kwanan wata ko ɗaya.

Kafin komai, kada a taɓa littafin. Kada a goge, kada a cike giɓi da sabon biro, kada a kwafe shi a littafi mai tsabta a jefar da tsohon. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 239, ta yarje wa mai ba da shaida ya duba rubutun da ya yi a lokacin da abin ya faru, ko jim kaɗan bayansa, don ya tuna. Sashe na 241 kuma ya ba ɗaya ɓangaren damar neman a nuna masa wannan rubutu, ya yi tambayoyi a kansa. Darajar littafin ke nan, cewa an rubuta shi da zafinsa. Lauya mai ido in ya ga kwanan wata da tawada daban an cusa a gefen shafi, daga nan zai fara, kuma shakkar da ya jefa a kan layi ɗaya sai ta shafi sauran. Duk aikin da za a yi, a wata takarda daban za a yi shi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne nemo ranaku, kuma a nan ya kamata a zauna sosai. Mutanenmu da Sallah da azumi da ranar kasuwa da damina suke ƙirga lokaci, kotu kuwa da kalandar Bature. Sai an haɗa su. A Najeriya an ɗauki azumin 2024 ranar Litinin 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, Babbar Sallah kuma ranar Lahadi 16 ga Yuni. Ke nan "kwana uku bayan Sallah" ya faɗa Asabar 13 ga Afrilu. "Cikin azumi" ya yi faɗi da yawa, wata guda ne cur, amma tunda ta banki aka biya shi, alat ɗin wayarsa ya yanke magana: 28 ga Maris, naira 30,000. In alat ya goge, banki zai buga masa bayanin asusunsa na watannin.

"Daren Juma'a" tarko ne da ke kama har masu ilimi. A lissafin Bahaushe dare ne ke gaban yini, saboda haka daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Wanda ya rubuta 14 ga Yuni ya yi kuskure da kwana ɗaya, daidai shi ne Alhamis 13 ga Yuni da dare. Kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne in manaja ya kawo shaidar cewa ranar 14 yana Kaduna. Zanga-zangar kuwa sananniya ce: an fara ta ranar Alhamis 1 ga Agustan 2024, a ranar kuma gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24. Direban ya tuna ranar Litinin ta gaba ya koma, wato 5 ga Agusta, kuma jerin kiran wayarsa ya nuna ya kira manaja sau da dama da safen nan.

Idan an yi duk wannan rana ta ƙi fitowa, a rubuta iyakar abin da aka sani: "tsakanin 20 da 25 ga Mayu", ko "wajen ƙarshen Mayu". A ganina wannan ya fi ƙirƙirar rana nesa ba kusa ba. Wanda ya ce "wajen ƙarshen wata" ba a kama shi da ƙarya, wanda ya ce "23 ga wata" a kan zato kuwa ya miƙa wa abokin shari'arsa sanda.

Sai tankaɗe. Ma'aunin shi ne abin da kake roƙon a yi maka. Direban nan bashin albashi yake nema da haƙƙin sallama ba sanarwa, don haka duk abin da bai taɓa ɗayan biyun nan ba ya zauna a littafi. Zagin da ɗan mai kamfani ya yi masa, da ranar da aka hana shi zuwa jana'iza, duk sun yi ciwo, amma ba su ƙara wa lissafin ko kwabo ba. "Ya wulaƙanta ni" fassarar zuciya ce. Abin da za a rubuta shi ne abin da aka yi da abin da aka faɗa: na nemi cikon albashi, kashiya ya ce sai an samu ciniki. Maganar "wani direba ya ce min" ji-ta-ji-ta ce, wadda sashe na 38 na Dokar Shaida ya ce a ƙa'ida ba a karɓa. In wancan direban da kunnensa ya ji, kuma zai yarda ya zo, to a sa shi cikin shaidu ya faɗa da bakinsa. In ba haka ba, a cire.

Ga abin da ya rage, kowane layi da rana, da aiki, da hujja:

1. 1 ga Fabrairu 2021: Na fara aikin direba. Albashina a 2024 naira 60,000. Hujja A: takardar ɗaukar aiki da bayanin asusu.
2. 28 ga Maris 2024: An biya 30,000 daga albashin Maris. Saura 30,000. Hujja B: bayanin asusu.
3. 13 ga Afrilu: Na nemi cikon wurin kashiya, ya ce sai an samu ciniki. Hujja C: littafina, shafi na 4.
4. 2 ga Mayu: An biya albashin Afrilu cikakke. Hujja B.
5. 31 ga Mayu: An biya 40,000, an cire 20,000 da sunan kuɗin taya, ba a ba ni takarda ba. Hujja B.
6. 13 ga Yuni da dare: Manaja ya ba ni 15,000 a hannu, bai ce na mene ne ba. Hujja C, shafi na 9.
7. 3 ga Yuli: Na tura wa manaja saƙon murya ta WhatsApp kan albashin Yuni, bai amsa ba. Hujja D.
8. 31 ga Yuli: Ba a biya Yuni da Yuli ba, 120,000. Hujja B.
9. 1 da 2 ga Agusta: Ban je aiki ba saboda zanga-zanga da dokar hana fita.
10. 5 ga Agusta: Mai gadi ya hana ni shiga, ya ce umarnin manaja ne. Ba takardar sallama, ba sanarwa. Shaida: abokin aiki da ke wurin.

A ƙasa sai layi biyu: jimillar bashi 170,000, ko 155,000 in an ɗauki 15,000 ɗin nan a matsayin wani ɓangare na albashi, sai kuɗin makonni biyu a madadin sanarwa.

Layi na 4, na 6 da na 9 su ne masu ƙara ke son ɓoyewa, domin ba su taimake su ba. Su ne kuwa ke sa a gaskata sauran. Kamfanin yana da nasa littafin, kuma dubu sha biyar ɗin nan tana ciki. Gara alƙali ya fara jin ta daga bakinka da ya ji ta daga bakin lauyansu yana tambayar me ya sa ka yi shiru.

Jeren kansa yakan fito da abin da mai littafin bai lura da shi ba. Daga layi na 1 zuwa na 10 shekara uku da rabi ne, kuma sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba, sanarwar makonni biyu ce mafi ƙarancin haƙƙinsa. Daga biyar zuwa sama, wata guda. In takardar ɗaukar aiki ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Layi na 5 kuma ya tayar da tambaya, tunda sashe na 5 na dokar bai bar mai aiki ya yanki albashi saboda asara yadda ya ga dama ba, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Amma kada a cusa waɗannan sassa a cikin shafin. Muhawarar doka aikin lauya ce, shafin na aukuwa ne kawai.

Shafin nan ba hujja ba ne. An rubuta shi bayan rigima ta ɓarke, kuma mai ruwa da tsaki ne ya rubuta, don haka kada a sa ran kotu ta karɓe shi kamar rasit. Taswira ce zuwa ga hujjojin. A Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da hurumin irin wannan ƙara kuma tana da reshe a Kano, tun wurin shigar da ƙara ake haɗa bayanin abin da ya faru da rantsuwar shaidu a rubuce da jerin takardu, kuma daga shafin ne lauya zai gina su. Saƙon waya da abin da aka buga daga kwamfuta suna da nasu sharuɗɗan a sashe na 84, saboda haka kada a sayar da wayar, kada a goge hirar. A zaman sulhu, ko gaban kwamitin ladabtarwa na wurin aiki, an fi sassauci, sau da yawa za a karɓi shafin a karanta, amma a nemi izini kafin a miƙa.

Ka buga kwafi uku, naka da na mai sauraro da na ɗaya ɓangaren, ka jera hujjojin a fayil bisa harufansu. Daren da za a zauna ka ba wani wanda bai san maganar ba ya karanta, ya faɗa maka nawa kake bi da ranar da aka sallame ka. In ya yi tuntuɓe a wani layi, ka gyara layin kafin gari ya waye.