Gonar da ta rufe ma tana da gurbi a tarihinka

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman tallafin jari, ko ya rubuta takardar tarihin aikinsa don neman aiki, ko aka ce ya aiko da 'yan layuka da za a gabatar da shi da su a taro, ya san inda alƙalami kan tsaya. Makarantun da aka yi suna da sauƙin jerawa, haka wuraren da aka yi aiki. Amma idan a tsakiyar tarihin akwai shago ko gona ko kamfanin da mutum ya kafa da hannunsa kuma ya rufe, sai tunani ya rabu biyu: a faɗa a ce ya kasa, ko a ɓoye a bar shekara biyu ko uku babu bayani.

A wurinmu abin ya fi nauyi, domin karayar jari ba a ɗauke ta lamarin lissafi kawai ba. Tana taɓa mutunci. Shi ya sa mutane da yawa kan rufe zancen da "Allah bai yi ba", magana ce kuma ta gaskiya wadda ta ishi ɗan'uwa da maƙwabci. Sai dai mai karanta takardarka ba jaje ya zo yi ba. Mutum ne da ke shirin ba ka amanar kuɗinsa ko ta ma'aikatarsa, kuma abu uku yake son sani: me ya kashe kasuwancin, wane ɓangare na matsalar daga gare ka ne, sannan ina aka kwana da kuɗin mutane. Wanda ya amsa waɗannan a taƙaice ya nuna ya fahimci abin da ya same shi. Wanda ya kauce musu ya bar mai karatu ya cike gurbin da zatonsa, zato kuwa ba ya cika yi wa mutum adalci.

A ɗauki misali, a ƙaddara wani matashi ne a gefen Kano. Ya buɗe gonar kajin ƙwai a 2021 da kaji 500, ya rufe ta a watan Agustan 2023, yanzu kuma yana neman aikin kula da sashen sayarwa a wani kamfanin abincin kaji. Duk wanda ya yi kiwo ya san yadda lissafin yake. Kazar ƙwai tana cin kimanin giram 115 a rana, wato kaji 500 suna cinye sama da buhu biyu mai kilo 25 kowace rana, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Idan 80 cikin kowace kaza 100 suna sakin ƙwai, zai tara ƙwai 400 a rana, kiret 13 ke nan da 'yan kai. Matsalar wannan matashi ita ce abinci kuɗi hannu yake saye, ƙwai kuwa bashi yake ba dillalai uku, su biya bayan mako biyu. Da ƙarancin takardun naira ya tsananta a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya yi, dillalan suka daina biya a kan lokaci, ƙwai ya taru, shi kuwa ba kaya ne da ake ajiyewa wata da watanni ba. Kafin ya farfaɗo aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na abinci suka ƙara tashi. Ya sayar da kajin, ya biya waɗanda ke binsa, ya rufe.

Hanyar farko da za ta zo masa ita ce ya share gonar baki ɗaya. Illarta a fili take: takardarsa za ta nuna ya gama hidimar ƙasa, sai shiru har 2023. Mai tantancewa zai tambaya, kuma amsar da aka ciro da tambaya ba ta kai darajar wadda aka bayar tun farko ba. Ga shi kuma ya jefar da abin da ya fi komai dacewa da aikin da yake nema, domin ya shekara biyu yana cikin irin mutanen da kamfanin ke sayar wa kaya.

Hanya ta biyu ta fi yawa. Zai rubuta: "Na yi kiwon kaji, amma manufofin gwamnati da dillalai marasa amana suka durƙusar da gonar." Babu ƙarya a ciki. Amma mai karatu ya san cewa wasu gonakin da suka sha wannan wahala ɗaya suna nan ba su rufe ba, don haka zai tambayi kansa me ya bambanta su da wannan. Jimlar da laifi duka ke kan wasu tana nuna mai ita bai gano abin da zai canza ba, idan kuma bai gano ba, zai iya maimaita shi da kuɗin wani. Kishiyarta ma ba ta fi ta ba, wato a cika takarda da nadama da tsine wa kai. Wannan tausayi yake jawowa, ba a kuma ɗaukar mutum aiki don tausayi.

Ga yadda zai rubuta ta yi masa amfani: "Daga 2021 zuwa 2023 na kafa gonar kajin ƙwai mai kaji 500, na gudanar da ita da ma'aikata biyu, muna fitar da kimanin kiret 13 a rana. Na rufe ta a Agustan 2023 bayan tsadar abinci da ƙarancin tsabar kuɗi sun same ni ina bayar da mafi yawan ƙwan bashi ga dillalai uku kacal. Na biya ma'aikata da masu ba ni abinci kafin rufewa. Tun daga nan, a shagon magungunan dabbobi da nake kula da shi, na sa iyaka ga bashin da kowane mai saye zai ɗauka, ina kuma bin sawun kuɗin shiga da na fita kowane mako."

Jimla huɗu ce, kowace da aikinta. Ta farko tana nuna girman abin da ya riƙe, da lambobin da za a iya tambayarsa a kansu ya amsa ba tare da inda-inda ba. Ta biyu ta haɗa abin da ya fi ƙarfinsa da abin da yake a hannunsa, ba ta kumbura ɗaya ta danne ɗaya ba. A lura kuma da kalmar "na rufe". Ta bambanta da "gonar ta durƙushe", domin tana nuna shi ya duba lissafi ya yanke shawarar tsayawa kafin bashi ya shanye shi, wannan kuwa wani gwaninta ne da ba kowane ɗan kasuwa ke da shi ba.

Jimla ta huɗu ce ke tabbatar da cewa an koyi darasi, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Za ka ga an rubuta "na koyi juriya da haƙuri" ko "abin ya ƙara mini ƙarfin gwiwa". Kowa zai iya rubuta wannan, har wanda bai taɓa sayar da ko ƙwai ɗaya ba. Darasin da ake yarda da shi shi ne wanda ya zama aiki: wani abu takamaimai da kake yi yanzu wanda da ba ka yi, a wurin da za a iya zuwa a gani. Idan ka cire jimlarka ka liƙa ta a tarihin tela ko na mai gidan burodi ta zauna daram, to ba darasinka ba ne, ado ne kawai.

A ganina jimla ta uku ta fi sauran nauyi, ko da yake ita ce aka fi mantawa da ita. A kasuwanninmu ana yafe wa wanda ya karye, amma ba a manta wanda ya gudu da kuɗin mutane. Idan ka biya kowa, faɗi haka. Idan akwai saura kuma kun yi yarjejeniyar biya a hankali, ka faɗa wa mai ba da rance ko mai zuba jari da bakinka kafin ya gano. Bankuna a Najeriya suna duba tarihin bashin mutum a wurin kamfanonin da ke tattara irin wannan bayani, lambar BVN kuma ta sa ɓoye tsohon rance ya yi wuya. Haka nan kowa zai iya binciken sunan kasuwanci a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, inda wanda ba ya miƙa rahoton shekara kan fito da alamar INACTIVE. Saboda haka kada a rubuta "2021 zuwa yau" a kan gonar da ciyawa ta cinye, kada kuma a kira sayar da keji da injin janareto "sayar da kamfani".

Ba a ko'ina ake sa jimlolin huɗu duka ba. A fom ɗin neman jari, irin na Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba waɗanda aka zaɓa dala 5,000, akwai fili kuma ya dace a yi cikakken bayani, tun da hankalin mutum a kan kuɗi ake aunawa. A takardar neman aiki gonar ta shiga jerin ayyuka kamar kowane aiki, da shekarunta da abin da aka yi, dalilin rufewa ya zo a layi ɗaya a ƙarshe. A gabatarwar taro mai layi uku kuwa rabin jimla ya isa: "ya yi shekara biyu yana kiwon kajin ƙwai kafin ya koma harkar magungunan dabbobi." Ko ina ne, kada ta zama abu na farko da za a karanta, kada kuma ta zama na ƙarshe. Wurinta tsakiya, abin da kake yi yanzu ya biyo bayanta.

Akwai wani salo da ya yi tashe a jami'o'in Turai da Amurka wanda ya kamata a yi hattara da shi. A 2010 wata masaniyar kimiyya, Melanie Stefan, ta ba da shawara a mujallar Nature cewa masu bincike su riƙa ajiye jerin abubuwan da suka nema ba su samu ba. A 2016 Johannes Haushofer ya wallafa nasa jerin, ya kuma bazu a duniya. Amma yana koyarwa ne a Jami'ar Princeton lokacin da ya yi haka, ba wanda zai karanta ya yi shakkar iyawarsa. Mai neman aikinsa na farko ba shi da wannan rumfar. Shi faɗuwa ɗaya zai zaɓa, wadda ta shafi abin da yake nema kuma ya riga ya gama da ita. Sayar da atamfa na wata uku a ɗakin kwanan ɗalibai ba sai ya shiga ba. Abin da ke gaban kotu, ko wanda bayaninsa zai sa ka ambaci sunan abokin haɗin gwiwa da zargi, bar shi sai an tambaye ka baki da baki.

Kafin ka tura takardar, karanta wa wani da ya san harkar sakin layin, ka ce ya yi maka tambayoyin da suka zo masa. Idan ya tambayi nawa dillalan suka riƙe maka, ko me ya hana ka rage kajin tun a watan Maris, kuma ka amsa ba tare da muryarka ta canza ba, to ka tura. Idan har yanzu zancen yana tayar maka da rai, taƙaita shi zuwa shekaru da sunan aikin, ka jinkirta sauran bayanin zuwa lokacin da za ka iya yinsa cikin natsuwa.