Saƙon da ke dawo da ma'aikaciya bakin aiki bayan dogon hutu

A shekarar 2018 wata malamar jami'a a Amurka, Kate Weisshaar, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi. Ta ƙirƙiri takardun neman aiki sama da dubu uku, ta aika wa kamfanoni a biranen ƙasar. Ilimi da ƙwarewar masu neman duk ɗaya ne, bambancin kawai shi ne wasu suna kan aiki, wasu sun rasa aikinsu, wasu kuwa sun ajiye aiki ne don rainon yara. Cikin kowace mata ɗari da ke kan aiki, an kira kusan 15. Cikin waɗanda suka rasa aiki, kusan 10. Iyaye mata da suka zauna a gida don 'ya'yansu kuwa, biyar kacal aka waiwaya. Wato wadda ta ajiye aiki don raino ta fi wadda aka sallama shan wuya wajen komawa.

Wannan shi ya sa saƙon farko da jami'in ɗaukar ma'aikata ke aika wa mai shirin dawowa yake da nauyi. Mai karɓarsa yawanci ta aika takardu wurare da dama an yi mata shiru, har ta fara zargin kanta. Kuma ba mata kaɗai ba ne. Akwai magidancin da ya ajiye aiki ya yi shekara biyu yana jinyar mahaifinsa, akwai wanda ya kwanta ciwo ya warke, akwai matar da ta bi mijinta da aka yi wa canjin wurin aiki, akwai wadda ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan rainon marayu ya riƙe ta shekaru.

Manyan kamfanoni sun daɗe da lura cewa akwai ƙwararru zaune a gida. Bankin Goldman Sachs ya fara wani shiri a 2008 mai suna Returnship, inda ake ɗaukar waɗanda suka daɗe ba su aiki, a biya su na wasu makonni suna sabunta hannu, daga nan a duba yiwuwar ba su aikin dindindin. JPMorgan ya bi sahu a 2013, Morgan Stanley a 2014. A watan Maris na 2022 dandalin LinkedIn ya ƙara wani gurbi da mutum zai rubuta cewa ya yi hutu daga aiki, ya zaɓi dalili, kamar raino, jinya, rashin lafiya ko rasuwar makusanci. A da, wannan giɓi ɓoye shi ake yi.

Amma shiri komai kyansa, ta hannun mutum ɗaya yake isa ga mai nema, wato jami'in da ya rubuta saƙon. A ɗauki misalin wata akanta a Kano da ta yi shekara takwas tana aiki, ta ajiye a 2019 bayan haihuwar tagwaye, yanzu kuma ta nemi aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Saƙon da ya dace zai iya zuwa kamar haka:

"Assalamu alaikum Malama. Da fatan kina lafiya, ya iyali? Mun ga takardunki, kuma shekara takwas da kika yi kina haɗa lissafin ƙarshen wata da biyan albashi su ne abin da muke nema. Mun lura kin yi hutu daga 2019. Wannan ba matsala ba ce a wurinmu, kuma ba za mu nemi ki yi mana bayanin dalili ba. Matsayin na babbar akanta ne, albashinsa naira 400,000 a wata idan kwana biyar ne a mako. Za ki iya zaɓar kwana uku a kan naira 240,000, ko kwana biyar amma biyu daga gida, ko ki riƙa shigowa ƙarfe bakwai ki tashi ƙarfe uku. Kwana ukun ƙarshe na kowane wata dai dole kowa ya kasance a ofis saboda rufe lissafi. Makonni shida na farko za a haɗa ki da wata abokiyar aiki da za ta nuna miki manhajar da muke amfani da ita yanzu. Idan kina so mu yi magana ta waya na minti ashirin, ki zaɓi Talata ko Alhamis, da safe ko bayan La'asar."

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne inda jami'in ya fara. Da ƙwarewarta ya buɗe, kuma ya ambaci takamaiman aikin da ta iya, ba yabon gama-gari ba. Da ya fara da "duk da daɗewar da kika yi a gida", to ya riga ya gaya mata cewa alfarma ake yi mata, kuma wadda ta ji alfarma ake mata ba za ta iya buɗe baki ta yi cinikin albashi ba. Hutun ya zo a jimla biyu, an ambace shi an wuce. Yin shiru a kansa gaba ɗaya ma kuskure ne, domin za ta kwana tana tunanin ko ba su lura ba ne, kuma ranar ganawa za a ƙure ta. Tonawa kuma ya fi muni. Tambayoyi irin su "yara nawa ne?", "maigida ya amince?", "akwai shirin ƙara haihuwa?" ba su da alaƙa da iya rufe lissafi, kuma ba a yi wa namiji su.

Sai dai zuciyar saƙon tana wurin lambobi. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa "muna da sassauci wajen lokutan aiki", su tsaya a nan. Wannan jimla ba ta gaya wa uwar tagwaye komai ba. Ita abin da take son sani shi ne ko za ta iya kai yara makaranta ƙarfe bakwai da rabi, wa zai ɗauko su, kuma nawa zai shigo asusunta a ƙarshen wata. Sassauci kala-kala ne, kowanne da farashinsa.

Aikin kwana uku yana rage albashi daidai gwargwado: kashi uku cikin biyar na naira 400,000 shi ne 240,000. Abin da mutane ke mantawa shi ne fansho ma yana raguwa. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce mai kamfani zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Idan aka yi lissafin a kan dukan albashin, naira 72,000 ke shiga asusun fanshonta duk wata a kwana biyar, amma 43,200 a kwana uku. Ga wadda asusunta ya riga ya yi shekaru ba a zuba komai ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma jami'i mai gaskiya zai faɗa mata tun a wayar farko. Asusun nata na da yana nan, lambarsa kawai za ta ba sabon kamfani a ci gaba da zubi.

Haɗarin kwana uku shi ne a rage kuɗi ba a rage aiki ba. Ana gane haka da tambaya ɗaya: wa zai riƙe aikin ranar Alhamis da Juma'a? Idan jami'in ya ce "za mu ga yadda za a yi", to amsar ita ce wayarta za ta riƙa ƙara tana tsakiyar girki, ta yi aikin kwana biyar a kan albashin uku. Idan ya ambaci mutum, ko ya ce wata ma'aikaciya ce za su raba matsayin tare, kowacce da ranakunta da ranar miƙa aiki, to an yi tunani a kai.

Aiki daga gida kuwa, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, tambayarsa daban ce. Wa zai sayi data? Wa zai zuba mai a janareta, ko ya taimaka da sola? Kwamfutar ta kamfani ce ko tata? Idan saƙon bai taɓo wannan ba, kuɗin motar da ta yi zaton za ta adana zai tafi wurin mai.

Akwai kuma tsarin dunƙule sa'o'i, a yi sa'a arba'in ta mako a kwana huɗu, wato sa'a goma kullum. Albashi ba ya raguwa, amma mai ɗauko yara daga makaranta da rana ba zai yi mata ba.

Jimlar da ta ce kwana ukun ƙarshen wata dole ne a zo ofis, ita ce ta fi ba saƙon daraja. Jami'in da ya faɗi iyakar sassaucinsa ya nuna ya zauna da shugaban sashen sun tattauna. Matsala mafi yawa a wannan harka ita ce mai ɗaukar aiki ya yi alkawari don ya cike gurbi, ranar farko kuma manaja ya ce shi bai san zancen ba. A Birtaniya, daga 6 ga Afrilu 2024, ma'aikaci na da haƙƙin neman sassaucin lokaci tun ranar da ya fara aiki, sau biyu a shekara, kuma dole kamfani ya yanke shawara cikin wata biyu. Ko a can haƙƙin nema ne, ana iya ƙi da dalilin kasuwanci. A Najeriya abin dogaro shi ne takardar ɗaukar aiki. Don haka duk abin da aka faɗa a WhatsApp ko a waya, ranaku, sa'o'i, kuɗi, da yaushe za a sake duba tsarin, ya kamata ya shiga takardar kafin a sa hannu.

Batun makonni shida na koyo ma ba ado ba ne. Akantar da ta bar aiki a 2019 ta san harajin VAT a kashi 5 cikin ɗari, alhali tun Fabrairun 2020 ya koma 7.5. Manhajar ofis ta sauya, tarurruka da yawa sun koma ta bidiyo. Waɗannan abubuwa ne na makonni, ba sa shafe shekara takwas ta ƙwarewa. Shi ya sa saƙon ya bar ta a matsayin babbar akanta. Inda za ta yi hattara shi ne idan aka ce ta fara daga matakin sababbin shiga "tukuna", ko ta yi watannin gwaji ba albashi, ba ranar yanke hukunci.

Sannan akwai 'yan damfara, waɗanda suka san mai ɗokin komawa aiki tana da saurin amincewa. Saƙonsu ya fi na kowa zaƙin maraba da alkawarin "aiki daga gida", amma ba sunan matsayi, ba adireshin ofis, kuma kafin a je ko'ina za a nemi kuɗin fom ko na horo, ko lambar sirrin da banki ya turo. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗi don ya ɗauki mutum, kuma jami'insa ba zai ji haushi ba idan aka ce za a kira babban layin ofis a tabbatar da shi.

Ita akantar, amsar da ta fi dacewa ta bayar gajera ce. Ta gode, ta zaɓi Alhamis bayan La'asar, ta ce kwana uku take so na wata shida na farko, sannan ta tambaya a rubuce wa zai riƙe sauran kwana biyun, kuma a wane wata za a zauna a duba komawarta kwana biyar a kan cikakken albashi.