Yadda Ake Gano Kuskuren Shigar Da Lissafi A Asusun Da Ba Nasa Ba

Akantoci sun bayyana cewa ba kowane kuskure ne ke buƙatar asusun wucin-gadi ba. Ana buɗe shi ne idan jimillar ɓangaren zare da ta ɓangaren shiga suka saɓa a takardar gwajin daidaito.

Misali, wani abokin ciniki ya biya bashin naira 4,500. Maimakon magatakarda ya rubuta kuɗin a ɓangaren shiga na asusunsa, sai ya kai su ɓangaren zare na asusun wani mai irin sunansa. Sakamakon haka ɓangaren zare zai zarce da naira 9,000, waɗanda za a ajiye a ɓangaren shiga na asusun wucin-gadi.

Domin gano tushen matsalar, sai a raba giɓin biyu, a nemi rasidin naira 4,500 a littafin kuɗin hannu. Daga nan a zare 9,000 daga asusun wucin-gadi, a shigar wa kowannensu 4,500, asusun ya rufe.

Da a ɓangaren da ya dace aka rubuta kuɗin, jimillar za ta daidaita, kuma kuskuren zai ɓoye har sai wanda ya biya ya ga ana sake binsa bashin.