Ciniki Daban, Riba Daban: Lissafin Buhu Ashirin na Albasa

A fadamun Goronyo, Wurno da Rabah, inda ruwan Rima da na Gulbin Sakkwato ke shayar da noman rani, albasa takan yi arha lokacin cira, ta yi tsada idan damina ta kankama. Wannan tazara ce ke jan matasa zuwa sari da ajiya. Ita ce ta ja wani ɗan maƙwabtanmu a Wurno, mai shekara 22, wanda mahaifiyarsa ta haɗa kuɗin adashinta da na ragunan da ta sayar, ta ba shi jarin naira 500,000.

A watan Maris ya je kasuwar Goronyo ranar Lahadi, ya sari buhu 20 a kan naira 20,000 kowanne. Naira 400,000 ke nan. Sauran 100,000 ɗin ba a rana ɗaya suka tafi ba, shi ya sa bai ji fitarsu ba. Buhuna, 'yan dako da motar kawowa gida sun ci 30,000. Rudu, wato rumfar kara da ake shanya albasa a kai don iska ta riƙa ratsa ta, ya ci 25,000. Yaran da ke taya shi juyawa da tsince ruɓaɓɓu sun karɓi 15,000. Daga baya motar kai kaya kasuwar Achida, harajin kasuwa da la'adar dillali suka lashe 30,000 da suka rage.

Albasa kuwa ba gero ba ce. Tana zaune tana ramewa, domin ruwan jikinta yana fita. Wadda aka cire wuyanta bai bushe ba, ko ta ƙuje wajen lodi, ita ke fara ruɓa da zarar laimar damina ta shigo, ta kuma shafa wa na kusa da ita. Ana gane ta da laushin wuya da wari. Da ya zo ɗurawa a watan Agusta, buhu 20 sun koma 14.

Amma kasuwa ta yi kyau: buhu ya kai 45,000. Ya sayar da duka, ciniki ya tashi naira 630,000. A ransa ya cire 400,000 na sari, ya ce ya ci ribar 230,000. Nan take ya sayi waya da shadda, ya yi wa abokai alheri, 120,000 suka fita.

Kawunsa, wanda ya daɗe a harkar albasa da tafarnuwa, shi ya zaunar da shi.

"Yaro, nawa buhu ya faɗo maka?"

"Dubu ashirin, Kawu."

"Wannan kuɗin buhun da ka saya ne. Ina tambayar ka buhun da ka sayar."

Suka ɗauko takarda. Abin da ya kashe gaba ɗaya 500,000 ne, buhun da ya kai kasuwa kuma 14. Idan aka raba, kowane buhu ya tsaya masa kusan 36,000. Ribar buhu ba 25,000 ba ce, ba ta wuce 9,000 da 'yan kai ba. Ribar kakar duka 130,000 ce.

Ko ita ɗin ma ba ta shigo duka ba. Buhu biyu, na naira 90,000, bashi wani mai kasawa daga Rabah ya ɗauka, sai ya sayar zai biya. Abin da ya shiga hannu 540,000 ne, wato 40,000 kacal a kan jari. Da ya kashe 120,000, ashe 80,000 daga ciki uwar kuɗi ya ci, kuɗin ragunan mahaifiyarsa. Idan mai bashin ya cika alkawari, jari zai dawo da rarar 10,000. Idan bai biya ba, da 420,000 zai shiga kaka mai zuwa, alhali kowa a unguwa ya shaida ya yi kasuwa.

Abin da Kawu ya ɗora shi a kai ba shi da wuya. Littafi guda, shafin dama na abin da ya shigo, na hagu na duk abin da ya fita, ko da kuɗin igiyar ɗaure buhu ne. Bashi yana da nasa shafin, ba a kiran sa riba sai ya zo hannu. Kafin a yi sari kuma, a ƙiyasta buhu nawa za su tsira daga rudu, a raba dukan kuɗin da za a kashe a kansu. Wannan adadi shi ne farashin da in aka sayar ƙasa da shi an faɗi, komai yawan kuɗin da ke aljihu.

Iyaye mata masu ba 'ya'ya jari, idan yaro ya dawo kasuwa yana fara'a, kada tambayar ta tsaya ga "nawa ka yi ciniki?" A ce masa: "Ware mini uwar kuɗi gefe, mu ga abin da ya saura."