Wasiƙar Sallamar Lauya: Abin da Ya Kamata Ta Ƙunsa

Mutane da yawa idan suka gaji da lauyansu sai su daina ɗaga wayarsa, su nemi wani. A idon kotu kuwa, lauyan farko yana nan daram, kuma ofishinsa za a ci gaba da kai wa takardun shari'a. Da haka ne ranar zama take wucewa mai ƙara bai sani ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shari'ar fili a Babbar Kotun Jihar Kano. Ya ba lauya kafin alƙalami naira 500,000, ya kuma damƙa masa takardar shaidar mallaka da rasiɗin saye na asali. Idan ya yanke shawarar rabuwa, wasiƙarsa ba ta buƙatar zargi ko dogon bayani. Ya rubuta lambar ƙara da sunan kotu, ya ce daga ranar kaza ya janye wakilcin, kada lauyan ya ƙara ɗaukar wani mataki da sunansa. Sai ya nemi fayil, yana ambaton takardun asali ɗaya bayan ɗaya, domin su ne suke da wuyar maye idan sun ɓata. Ya tambayi ranar zama ta gaba. Ya riƙe kwafin da ofishin lauya ya sa wa hannu da kwanan wata.

Batun kuɗi ne yake kawo ja-in-ja. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ta Najeriya bai yarda lauya ya kai ƙarar neman kuɗin aikinsa ba sai ya miƙa lissafi mai sa hannu wanda ya fayyace manyan ayyukan da ya yi, wata guda kuma ya wuce. Don haka ɗan kasuwar ya nemi a nuna masa nawa ya tafi a kuɗin shigar da ƙara, nawa a halartar zama, nawa ya rage daga cikin 500,000 ɗin. Idan lissafin ya yi masa tsauri, sashe na 17 ya ba shi damar roƙon kotu ta tantance shi, kuma ya fi ƙarfi idan ya nema cikin watan nan na farko.

Lauya ma yana da nasa haƙƙin, kuma adalci ne a faɗa. Yana iya riƙe takardu har a biya shi abin da ya yi wa gumi. In an biya ya ƙi saki, kotu na iya umartarsa ya miƙa su.

Sauran aikin na sabon lauya ne. Ƙa'idojin aikin lauya sun ɗora masa ya sanar da na farko, ya yi iya ƙoƙarinsa a biya shi, sannan a shigar da sanarwar canjin lauya a kotu, a ba ɗaya ɓangaren kwafi.