Rarraba Masu Ciniki: Yadda Mai Ƙaramin Shago Zai San Inda Zai Zuba Kuɗin Talla

Rarraba masu ciniki shi ne a kasa mutanen da ke sayayya a shago gida-gida bisa yadda suke saye, domin kowane rukuni ya sami irin tallar da za ta motsa shi. Manyan kamfanoni suna yin wannan da kwamfuta, amma ginshiƙinsa tambayoyi uku ne da littafi da biro suka isa su amsa: yaushe rabon mutum da shagon, sau nawa yake zuwa, kuma nawa yake kashewa. Shekarun mutum ko unguwarsa ba su kai waɗannan ukun nuna abin da zai yi gobe ba, domin maƙwabta biyu masu samu iri ɗaya sukan bambanta ƙwarai a halin saye.

Aikin yana farawa ne da rubutu. Duk wanda ya yi ciniki a rubuta sunansa ko lambar wayarsa, da ranar, da abin da ya saya, da kuɗin. Yawancin masu shago suna da littafin bashi, amma wannan littafin yana nuna masu karɓar kaya bashi ne kawai, mai biya nan take kuwa, wanda sau da yawa shi ne ya fi amfani, ba ya barin sawu. Lambar waya kuma amana ce: a nemi yardar mai ita, a gaya masa abin da za a yi da ita. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta shafi irin wannan.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka akwai mai shagon atamfa da shadda da leshi a wata unguwa a Kano, yana saro kaya daga Kantin Kwari. Ya yi shekara guda yana rubutu, ya tara sunaye 200, ribarsa kuma ta kama naira miliyan biyu. Shekara cikakkiya ake buƙata a irin wannan sana'a, domin wanda ya duba wata uku kawai zai ɗauka mai sayen kayan Sallah ya gudu, alhali lokacinsa ne bai yi ba.

Da ya kasa sunayen, sai rukuni huɗu suka fito. Mutum 30 suna zuwa kusan kowane wata, galibinsu teloli da matan da ke sara suna sayarwa a cikin gida, kuma ribar da aka samu a kansu naira 900,000 ce. Mutum 70 ba a ganinsu sai gab da ƙaramar Sallah da babba, ko in ana haɗa lefe da anko, sun kawo 700,000. Mutum 40 sun saba zuwa a farkon shekara amma sun ɗauke ƙafa, sun kawo 280,000 kafin su ɓace. Sauran 60 sau ɗaya suka taɓa saye, ribarsu duka 120,000.

A lura cewa da riba aka yi lissafin. Mai sari yana iya kwasar turmi ashirin a lokaci guda, amma bayan ragin da ake masa da jinkirin biya, abin da ya rage wa shago bai taka kara ya karya ba. Uwar amarya da ta sayi leshi uku a farashin shago tana iya fin sa amfani. Duk wanda ya jera mutane bisa yawan cinikinsu kaɗai, zai ɗora na ƙasa a sama.

Daga nan sai rabon kuɗin talla, kuma a nan aka fi yin kuskure. Zuciya takan raya wa mai shago ya kashe mafi yawa a kan mutum 30 ɗin nan tunda su ne ƙashin bayan shagon. Amma waɗannan za su zo ko an yi talla ko ba a yi ba, ragin da aka ba su don jawo su asara ce kawai. Abin da suke buƙata kulawa ce mai sauƙin kuɗi: a turo musu hoton sabon zane kafin kowa ya gani, a ajiye musu launin da suke so. Daga naira 60,000 da aka ware, 10,000 ta ishe su.

Kaso mafi tsoka, kamar 25,000, na masu sayen lokaci ne, domin su tabbas za su saya, abin da ba a sani ba shi ne a shagon wa. A kansu lokaci ya fi kalmomin talla muhimmanci. Teloli sukan cika da aiki tun azumi bai yi nisa ba, saboda haka saƙon da ya iso a goman ƙarshe ya makara. A Sha'aban ya kamata ya fita. Kuma tunda shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, da watan Musulunci za a riƙa auna ranar. Mai amfani da jerin aika saƙo na WhatsApp ya sani cewa jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar shagon a wayarsa, don haka tun a wurin ciniki ake roƙon a ajiye ta.

Waɗanda suka ɗauke ƙafa suna buƙatar a gane su da kyau. Ma'aunin shi ne al'adar mutum shi kansa: telan da ya saba zuwa duk wata in ya yi wata biyu ko uku shiru, akwai dalili. Kiran waya na gaisuwa ya fi saƙon gama-gari aiki a nan, domin a cikinsa ne ake jin ko wani zane ne ya zuba, ko yaron shago ne ya yi masa magana maras daɗi, ko kuwa kunyar tsohon bashi ce ta hana shi zuwa. Wannan rukuni ya dace da gwaji. A raba su biyu, a kira mutum 20 a yi musu ɗan ragi, a ƙyale 20. Idan 8 suka dawo daga waɗanda aka kira, 3 kuma suka dawo da kansu daga waɗanda aka ƙyale, to tallar mutum 5 ta dawo da su, sauran ukun da ma suna tafe. In an kashe 10,000 har da ragin, kowane mutum ya tsaya a naira 2,000, sai a gwada wannan da ribar da yake kawowa. Adadin kaɗan ne, dace na iya shiga ciki, shi ya sa ake maimaita gwajin kafin a yanke hukunci.

Masu zuwa sau ɗaya ba a binsu da kuɗi, saƙo ɗaya ya wadatar.

Ragowar 15,000 ta neman sababbi ce, domin littafi yana nuna waɗanda suka riga suka shigo ne kawai, shagon da ya tsaya a kansu kuwa a hankali zai ƙanƙance. Nan ma littafin yana ba da haske: in teloli ne suka fi kawo riba, ɗan lada ga telan da ya turo mai saye ya fi raba takardun talla a bakin titi. Kowane baƙo kuma a tambaye shi inda ya ji labarin shagon, a rubuta amsar kusa da sunansa. Mutane suna sauya rukuni, mai zuwa sau ɗaya yakan zama na kullum, na kullum ya yi ƙaura, saboda haka ana sake kasa sunayen bayan kowace Sallah.