Birkin da ba shi da takalmi: yadda ake tsayar da moton lantarki da sauri

A wurin yanka katako, idan aka kashe injin zarto, faifan ba ya tsayawa nan take. Yana iya shafe minti guda ko fiye yana juyi, ƙara ta lafa amma haƙoran na da kaifi, kuma a wannan tazarar ce hannu kan shiga inda bai kamata ba. Moton da ke jan irin wannan zarto, mai layin wuta uku, ba a haɗa shi da birki ba. Wutar da ke shiga naɗin wayarsa tana haifar da maganaɗisu mai kewayawa, sau 1,500 a minti a yawancin motocin da ake gani, shi kuma rota, wato ƙarfen da ke juyi a tsakiya, yana bin sa a baya da kamar 1,450. Da an yanke wuta, babu mai jan rota, babu kuma mai riƙe shi.

Ƙarfin juyin nan ba ya ɓacewa, dole ya koma zafi. Abin da ya raba hanyoyi biyu na birkin lantarki shi ne wurin da zafin zai sauka.

Hanya mai arha ita ce ɗura wa moto wuta irin ta batir, wadda ake kira Disi. Ana cire wutar layi, a ɗan dakata ragowar maganaɗisu ya mutu, sannan a tura Disi cikin naɗin wayar. Maganaɗisun da za ta haifar a tsaye yake cak, rota na ratsa shi, sai wuta ta taso a jikin rota ta yi ta ja da juyin har ya tsaya. Kayan aikin kaɗan ne: abin mai da wutar layi Disi, da kontakta, da taima. Sai dai zafin duka a cikin moto yake zama, kuma a daidai lokacin da fankar da ke kan sandarsa take rage gudu.

Hanya ta biyu tana buƙatar inbata, na'urar da ke sarrafa gudun moto. Inbatar na rage saurin maganaɗisu ya koma ƙasa da gudun rota, sai moto ya zama janareta yana mayar da wuta baya. Inbata ta gama-gari ba ta iya tura wutar nan zuwa layi, don haka tana taruwa a kafasitocinta. A layin bolt 400, ma'ajiyar kan tsaya wajen bolt 560. Idan ta haura zuwa wajen 750, wani makunni a ciki ya buɗe wa wutar hanya zuwa rizisto da aka ɗaura a waje, ta ƙone a can, inda iska ke kaɗawa.

Mu ɗauki injin da nauyin juyinsa ya tara jul 23,000 a cikakken gudu, ana so ya tsaya cikin daƙiƙa biyar. Matsakaicin aikin birkin kilowat 4.6 ke nan, amma a farkon tsayawa yana kai ninki biyu, wajen 9.2. Rizisto mai om 60 a bolt 750 yana shanye kusan kilowat 9.4, ya wadatar, muddin littafin inbatar ya yarda da om 60, domin wanda ya gaza ƙa'idar yana ƙona makunnin. Abin da nake fara tambayar mai inji shi ne sau nawa yake tsayar da shi. Idan sau biyar ne a yini, moto zai huce tsakani, ɗura Disi ta isa, sayen inbata don birki kaɗai ɓarnar kuɗi ce. Idan kuwa kowane minti ne, ana ƙara wa moto zafin kusan wat 400 ba hutu, ban da wanda Disin kanta ke sakawa a naɗin waya. Nan rizisto ya fi.

Kowace hanya tana nuna ciwonta. Moton da Disi ta yi wa yawa, ko aka bar taima ta ci gaba da ɗurawa bayan ya tsaya, jikinsa ba ya taɓuwa, yana warin ƙonannen fenti, ƙarshenta sai gidan mai naɗin waya. Inbatar da aka matsa wa ta tsaya da sauri ba rizisto, ko rizistonta ya tsinke, takan katse ta rubuta `OV` ko `Overvoltage` a fuskarta, ta saki moto ya ci gaba da juyi. Maganin shi ne a tsawaita lokacin tsayawa ko a gyara rizisto. Da yake ƙarfin birkin rizisto yana raguwa idan gudu ya kusa ƙarewa, inbatoci da yawa kan haɗa biyun, su rage gudu da rizisto, su ƙarasa da ɗan Disi.

Mu da ake yawan ɗauke mana wuta, akwai abin lura. Disi daga layi take fitowa, idan wuta ta tafi birki ya tafi, inbata ma takan mutu sai in an saita ta musamman. Babu kuma ɗaya cikinsu da ke riƙe kaya bayan an tsaya. Shi ya sa ake sa wa lif da injin ɗaga kaya birkin takalmi mai sifirin, wanda wuta ce ke buɗe shi, da ta yanke sai ya damƙe.